Gini ɗaya, hoto uku: na faɗi, na waya da na allo

Idan ka gama zanen gini a kwamfuta, mai aiki ba hoto ɗaya yake nema ba, ko da kuwa ɗaya ya ambata. Yau zai ce a buga masa bana mai faɗi a kafa a bakin fili, gobe ya ce a turo masa wanda zai sa a Instagram da sitatus na WhatsApp, jibi kuma a ce kwamiti zai zauna, ana son allo babba da za a manna a bango. Kuskuren da na fi gani a wajen masu fara wannan sana'a shi ne su fitar da hoto guda a 1920 × 1080, don shi manhaja ta fara ba su, su riƙa jansa suna datsarsa har ya shiga wuraren nan uku. A ƙarshe babu inda ya zauna daidai.

Abubuwa biyu ne ake zaɓa, kuma gara a raba su tun farko. Na ɗaya siffar hoton, wato yadda faɗinsa yake idan aka auna shi da tsayinsa. Idan aka rubuta 3:1, faɗin ya ninka tsayin sau uku. Idan aka rubuta 4:5, tsayin ya ɗan ɗara faɗin, hoton a tsaye yake. Na biyu yawan fiksel, ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton. Siffa ita ce take yanke hukuncin abin da zai shiga hoto da abin da zai fita. Yawan fiksel kuwa shi yake faɗin iyakar girman da hoton zai kai kafin ya fara dishi-dishi. Siffa ake fara zaɓa, domin ita ce take sa a san inda za a ajiye kyamarar da ke cikin manhajar zanen, kuma da zarar an fitar da hoton, wurin kyamara ba ya gyaruwa.

Zan bi maganar da wani aiki da na yi, jerin azuzuwa na wata makarantar al'umma. Ginin dogo ne, mita 54, amma tsayinsa bai wuce mita 5 ba. A tsakiya akwai zauren shiga da ya tashi mita 9, da zankwaye a kusurwoyinsa da taga zagayayya a saman ƙofa. Irin ginin nan shi ne ya fi tona asirin siffar da ba ta dace ba, domin tsawonsa yana neman hoto na kwance, zaurensa kuma yana neman na tsaye.

Hoton faɗi

Don a ga ginin duka da ɗan fili hagu da dama, sai hoton ya ɗauki kamar mita 66 a faɗi. Idan na bar shi a 16:9, tsayin da zai shiga ya kai mita 37. Ginin mita 5 ne kacal a cikin wannan, sauran duk sama ce da ƙasa. Kana biyan lokacin renda, wato lokacin da kwamfuta take ci tana haɗa hoton, a kan gajimare da yashi. Idan na koma 3:1, tsayin ya sauko zuwa mita 22, ginin ya cika ido, zauren ya samu sarari a bisa kansa ba tare da ya ɓace ba. Na gwada 2:1 ma, amma a wannan gini har yanzu sama ta yi yawa. Da bene ne mai hawa uku, da 2:1 zan ɗauka. Abin dubawa shi ne siffar ginin kansa: auna tsawonsa da tsayinsa, ka ƙara musu wurin numfashi, siffar hoton za ta fito da kanta.

Wurin da mutane suka fi faɗawa rami shi ne yadda za a shigar da wannan faɗin. Hanya mai sauƙi ita ce a tsaya kusa da gini a buɗe kyamara sosai. A kyamarar da faɗin idonta yake milimita 36, wanda shi ne manhajar Blender take farawa da shi, gilashi mai milimita 18 yana ganin digiri 90, kuma daga nisan mita 33 zai kwashe mita 66 ɗin nan. Amma a gefen irin wannan hoto abubuwa suna miƙewa. Abu zagayayye da ke can ƙarshe, digiri 45 daga tsakiya, yakan yi tsawo da kusan kashi 40 cikin ɗari. Idan aka buɗe zuwa digiri 120, ninki biyu yake yi. Za ka gane wannan da ganin kawunan mutanen da ke gefe sun zama kamar ƙwai, tayar mota ta baje. Maganin shi ne ja da baya. Da gilashi mai milimita 35 ana bukatar nisan mita 64, da mai 50 kuma mita 92. A cikin kwamfuta ba ka da maƙwabcin da katangarsa za ta tare ka, don haka ja da bayan kyauta ne. Ni a 35 na tsaya, saboda 50 ta daddale ginin har barandar ta rasa zurfinta.

Wanda yake ɗaukar gini na gaske da waya ko kyamara, titi ba zai ba shi wannan nisan ba, sai dai ya ɗauka gunduwa-gunduwa a ɗinke. A nan a riƙe kyamara a tsaye, ba a kwance ba, don a samu tsayi isasshe, domin ɗinki yana cin sama da ƙasa. Kowane ɗauka ya hau kan na baya da kamar kashi ɗaya cikin uku, a kuma kulle haske kada wani yanki ya fi wani duhu. Sai dai a sani, hoton da aka ɗinka ta hanyar juyawa a wuri ɗaya yakan lanƙwasa layukan kwance, doguwar katanga ta yi ciki kamar baka. Ga kasuwa ko filin idi wannan ba laifi ba ne. Ga gini da ake son a ga miƙewarsa kuwa, aibi ne babba. Shi kuma hoton zagaye na digiri 360 da ake juyawa da yatsa, wata halitta ce daban, siffarsa 2:1 ce dole, kuma ba don bugawa aka yi shi ba.

To fiksel nawa? Banar da aka nema a aikin makarantar mita 3 ce a faɗi, mita 1 a tsayi. A nan ne ake yawan tsorata mutane da cewa duk abin da za a buga sai ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. Wannan adadi na abin da ake riƙewa a hannu ne, kamar mujalla, a nisan santimita 30 daga ido. Lafiyayyen ido yana rarrabe abu har zuwa kusan kashi ɗaya cikin sittin na digiri, kuma daga nan ne lissafin ppi, wato yawan fiksel a kowane inci, ya fito:

```
ppi = 87 / nisan mai kallo a mita
fiksel = (milimita / 25.4) x ppi
```

A nisan santimita 30 lissafin ya ba da 290, ka ga inda 300 ta samo asali. A mita ɗaya 87 ne. A mita uku, inda mai wucewa zai tsaya ya kalli bana, 29 ya wadatar. Na ba da rara domin wani zai matso ya duba sunan makarantar, na fitar da hoton a 6000 × 2000. Mita 3 inci 118 ce, don haka kowane inci ya samu fiksel 51. Da na bi maganar 300, da sai na nemi fiksel sama da 35,000 a faɗi, aikin da kwamfutata ba za ta gama ba, kuma babu idon da zai ga bambancin a jikin bana.

Akwai wata hanyar aunawa da na fi so, wato fiksel nawa kowace mita ta ginin ta samu. A 6000 kan mita 66, kowace mita tana da fiksel 91, bulo mai tsayin inci tara ya samu kusan 20, ana ganin jerinsa sarai. A 1920 kuwa mita ɗaya 29 take samu, ƙarafan taga su narke su zama toka-toka. Idan ka san ƙaramin abin da kake son a gani, wannan lissafi zai gaya maka gaskiya tun kafin ka danna renda.

A wani aiki da ya gabata na ga abin da ke faruwa idan ba a yi wannan shiri ba. An kai wa wani mai buga bana hoto 16:9, aka ce masa mita uku a mita ɗaya. Bai yanke ba, bai kuma tambaya ba, sai ya kama gefe ya ja har ya cika. Jan ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari. Da aka warware banar a gaban mai aiki, ƙofar baka ta zama kamar bakin tanda, mutanen da ke tsaye a baranda duk sun zama gajeru masu faɗi. Mai aikin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Malam, wannan ba ginin da ka nuna mini ba ne.” Gaskiyarsa. Tun daga ranar nake ba mai bugawa fayil da siffarsa ta yi daidai da abin da zai buga, in rubuta awon a jikin sunan fayil ɗin, in kuma nemi abu zagayayye a hoton in duba shi kafin a ɗora kan inji. A aikin makarantar nan, tagar saman zaure ce shaidata.

Hoton waya

A waya lissafin ya juye gaba ɗaya. Fiksel ba su ne damuwa ba, wuri ne. Allon waya bai fi santimita bakwai a faɗi ba. Idan ka sa hoton 3:1 a ciki, tsayinsa ɗan sama da santimita biyu ne, kamar tsinken ashana a kwance. A faɗin fiksel 1080, mutum mai tsayin mita 1.7 da ke gaban ginin zai samu fiksel 28 kawai. Ga shi kuma Instagram ba ta karɓar hoton kwance da ya wuce 1.91:1, za ta datse maka gefuna da kanta. Mai gungura waya zai wuce bai ma san ya ga gini ba.

Siffofin tsaye da ake zaɓa a tsakaninsu uku ne. Akwai 4:5, wato 1080 × 1350, wadda ta daɗe tana aiki a Instagram da Facebook. Akwai 3:4, wato 1080 × 1440, wadda Instagram ta fara karɓa a 2025, a shekarar da ta mayar da ƙananan hotunan shafin mutum daga murabba'i zuwa na tsaye. Sai 9:16, wato 1080 × 1920, mai cika allo duka, ta sitatus da TikTok da makamantansu. Idan hoton Instagram kaɗai za shi, 3:4 ta fi, don ta fi tsayi kuma ita ce siffar da yawancin kyamarorin waya suke ɗauka. Idan zai zaga wurare da yawa, ni 4:5 nake riƙewa, sai dai in bar gefuna babu rubutu, saboda a jerin hotunan shafi za a ɗan aske mata kamar fiksel 34 a kowane gefe. Waɗannan awo kamfanonin suna sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka kada a kafa muhimmin abu daf da baki.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko a yanko na tsayen daga cikin na faɗi. Idan daga 1920 × 1080 ne, amsar a'a ce tun daga lissafi: yankan 4:5 zai ba ka 864 × 1080, na 9:16 kuma 608 × 1080, duka ƙasa da abin da ake bukata, sai an hura su. Daga 6000 × 2000 kuwa fiksel sun isa, ana samun 1600 × 2000. Na gwada hakan a kan zauren, hoton ya fito tas amma ba shi da rai. An ɗauko shi daga nisan mita 64, don haka zauren yana tsaye can nesa kamar a katin shaida, azuzuwan hagu da dama an gutsure su a tsakiyar taga. Hoton tsaye labarinsa daban ne. Shi na mutumin da ya iso bakin ƙofa ne ya ɗaga kai.

Saboda haka na kafa kyamara ta biyu, kusa da zauren, daga ɗan gefe, a tsayin idon mutum. Abu biyu na kiyaye. Na farko, ban ɗaga hancin kyamara sama don zankwaye su shigo ba, domin yin haka yana sa bangaye su karkata su nufi juna kamar ginin zai kife baya. Na bar ta a miƙe, na yi amfani da saitin kyamara mai suna Shift Y na turo hoton sama, layukan tsaye suka zauna a tsaye. Na biyu, a Blender idan Sensor Fit yana kan Auto, buɗewar kyamara tana bin ɓangaren da ya fi tsawo. Da zarar ka juya Resolution X da Resolution Y daga kwance zuwa tsaye, abin da kake gani zai sauya, don haka a sa awon tukuna sannan a gyara zaman kyamara.

Dabarar da ta rage mini aiki ita ce fitar da wannan hoto a 9:16, amma in tsara shi yadda duk abin da ke da muhimmanci yana cikin 4:5 na tsakiya. Bambancin 1920 da 1350 fiksel 570 ne, wato 285 a sama, 285 a ƙasa. Wuraren nan biyu dama su ne manhaja take rufewa da sunan mai shafi a sama da akwatin amsa a ƙasa. Sai na bar sama ta zama sararin samaniya, ƙasa ta zama daɓen hanya. Hoto ɗaya ya ba ni na sitatus, na yanke shi ya ba ni na shafi. Zankwayen na tabbatar sun sauko ƙasa da layin yankan, don babu abin da ke ɓata zauren Hausa kamar a fille masa zanko.

Wajen yawan fiksel, babu ribar tura 6000 zuwa inda za a matse shi. Nakan fitar da ninki biyu, 2160 a faɗi, in rage shi da kaina, saboda ragewar tana gyara bakin layuka ta kuma kwantar da ƙurar renda. Rubutu a kan hoton ya zama manya, a gwada shi a waya ta gaske, a tsakar rana in da hali, ba a allon kwamfuta ba.

Idan mai aiki ya nace sai an ga tsawon ginin a waya, akwai mafita: a yanka na faɗin gida-gida, mai kallo ya riƙa ja da yatsa. Gida uku na 4:5 suna bukatar 3240 × 1350, wato 2.4:1. Gida huɗu suna bukatar 4320 × 1350, wato 3.2:1, wanda ya fi kusa da 3:1 ɗin da nake da shi. Duk da haka uku na zaɓa, na haƙura da fiksel 600 a kowane gefe. Dalili kuwa, a gida huɗu tsagar tana faɗowa a tsakiya daidai, ta raba ƙofar zauren biyu. A gida uku zauren yana samun gidansa shi kaɗai. Bayan an daidaita hoton zuwa 3240 × 1350, manhajar ImageMagick tana yanka shi da layin umarni ɗaya:

```
magick fadi.jpg -crop 1080x1350 +repage yanki_%d.jpg
```

Allon gabatarwa

Allo ya bambanta da waɗancan biyun ta wata fuska: ba hoto ba ne, gida ne da hotuna da zane da rubutu za su zauna a ciki. Siffarsa ba kai ka zaɓa ba, takarda ce ta zaɓa. A1 milimita 594 ce a 841, A0 kuma 841 a 1189, dukkansu a kan awo ɗaya, kusan 1 da 1.414. Amfanin wannan awo shi ne idan ka rage A1 zuwa rabi a kowane gefe, A3 za ka samu daidai, zanen da ke kan sikeli 1:100, wato santimita ɗaya a madadin mita ɗaya, ya koma 1:200 ba tare da lissafi ya karye ba. Kafin ka fara, tambayi mai bugawa faɗin nadin takardarsa. Mai inci 24, wato milimita 610, yana ɗaukar A1. A0 sai mai inci 36, wato milimita 914.

A nan ne zaɓin 3:1 ya sake biyana. A1 a kwance, idan aka bar gefe na milimita 20 ko'ina, wurin aiki 801 ne a 554. Hoton 3:1 da ya cika faɗin yana cin milimita 267 a tsayi, ya bar 287. A cikin wannan sauran, fulan, wato zanen shimfiɗar ɗakuna, na ginin mai mita 54 a sikeli 1:100 ya ɗauki milimita 540, ya bar wuri a gefensa ga hoton zauren na tsaye da ɗan bayani. Da 16:9 na shimfiɗa a faɗin nan, da ya cinye milimita 451, ya bar 103 kacal, wurin da ko fulan ba zai shiga ba. Da 2:1 ne, da 154 ya rage. Kwamiti kuwa ba hoto kaɗai suka zo gani ba, suna son su ƙirga azuzuwa, su ga inda banɗaki yake, su ga ta ina yara za su fita.

Na yi tunanin tsayar da allon, domin allon tsaye ya fi daɗin karatu daga sama zuwa ƙasa kuma ba ya cin bango idan alluna da yawa ne a jere. Amma a tsaye faɗin aiki 554 ne, hoton faɗin zai ƙanƙance zuwa milimita 185 a tsayi, fulan mai 540 kuma ya shiga da ƙyar babu wurin rubuta awo. Dogon gini allon kwance yake so. Da hasumiya ce ko bene mai hawa da yawa, da na tsayar ba tare da dogon tunani ba. Ɗaliban zanen gine-gine kuma su fara duba abin da sashensu ya ƙayyade, don sau da yawa an riga an yanke musu girman allo da yadda zai tsaya.

Yawan fiksel na allo yana tsakanin na bana da na mujalla. Mutane sukan tsaya a nisan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan wani dattijo ya matso, ya gyara tabarau, ya sa yatsa a kan taga. A nisan santimita 60 lissafinmu ya ba da 145, shi ya sa 150 ta zama ƙasan da nake amincewa da shi ga hotuna a kan allo, 200 kuma idan akwai hali. Hoton nan na 6000 da aka shimfiɗa a milimita 801 ya ba da 190. Ke nan renda ɗaya ta yi bana ta kuma yi allo. Da 1920 ne, da 61 za a samu, kuma daga taku biyu za a ga matakala-matakala a bakin rufi.

Dubi kuma abin da 300 za ta jawo. A1 cikakkiya a 150 fiksel 3508 ce a 4967, kimanin miliyan 17. A 300 ta zama 7016 a 9933, kusan miliyan 70, domin ninka awo sau biyu yana ninka fiksel sau huɗu. Lokacin renda kusan yana bin yawan fiksel ne. A kwamfutata hoton 1920 × 1080 na wannan gini yakan ɗauki kamar minti 12. Na 6000 × 2000 ya ninka shi kusan sau shida, ya ci awa ɗaya da 'yan mintuna. Mai miliyan 70 zai nemi wajen awa bakwai. Duk wanda yake aiki da wutar da ba ta da tabbas ya san bambancin awa ɗaya da awa bakwai.

Amma fa wannan sassaucin na hotuna ne kawai. Layukan fulan da rubutu ba sa yafiya. Siririn layi baƙi a kan farar takarda, idan aka mayar da shi fiksel a 150, zai yi gashi-gashi, ƙananan lambobin awo su cushe. Don haka kada a fitar da fulan a matsayin JPG, kada kuma a ɗauki hoton allon kwamfuta a manna. A fitar da shi PDF daga manhajar zane, ya shiga allon a matsayin layi, a kuma fitar da allon duka PDF. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗin, ka zuƙo shi zuwa kashi 400. Idan rubutu da layi sun tsaya da kaifinsu, lafiya. Idan sun farfashe tare da hoton, an daddale su a hanya.

Wani ruɗi da ya kamata a kawar: lambar dpi da ke rubuce a jikin fayil ba ta ƙara komai. Idan ka buɗe Image Size a Photoshop, ka cire alamar Resample, ka mayar da 72 zuwa 300, fiksel ɗin suna nan yadda suke, girman bugawa ne kawai ya ragu. Idan ka bar alamar kuma, manhajar za ta ƙirƙiro fiksel na cike gurbi, fayil ya yi nauyi, bulon da bai fito ba tun farko ba zai fito ba. Abin tambaya kullum shi ne fiksel nawa ne a faɗi, kuma milimita nawa za su rufe.

Idan an ce za a haska allon da majigi maimakon a buga, wannan aiki ne na huɗu. A1 a kwance cikin allon 1920 × 1080 faɗin fiksel 1529 kawai take samu, ƙananan rubutu ba za su karantu ba. Gara a rarraba abin da ke ciki zuwa shafuka na 16:9.

Saura hanyar kai wa mai bugawa, inda aikin kwana uku yakan lalace a minti ɗaya. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi take yi, 6000 ɗin nan ba za su isa yadda suke ba. A tura ta Document, ko a kai a filashi. A wajen bugawa a ce Actual size, kada a bari a danna Fit, domin ragin kashi uku ko huɗu cikin ɗari ya isa ya mayar da 1:100 abin da ba shi da suna. Ni nakan sa sandar awo a jikin fulan, mai nuna mita 10. Kafin a buga allon duka, nakan roƙi a buga mini yanki ɗaya a A4 a ainihin girmansa, wurin da hoto da layi da ƙaramin rubutu suka haɗu, in manna a bango, in ja baya taku biyu, sannan in matso. A aikin makarantar, da A1 ta fito daga inji, na ɗora ruler a kan sandar tun takardar ba ta huce ba. Santimita 10 cif ta nuna, tagar saman zaure kuma tana nan a zagaye.